Baƙin cikin rashin mahaifiya ne ko ciwon damuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni malamar firamare ce a Tudun Jukun, Zariya, shekarata 34, da 'ya'ya uku. Mahaifiyata ta rasu wata biyar da suka wuce. Da farko na daure, amma yau kusan mako bakwai ba na jin daɗin komai. Ƙarfe uku na dare nake farkawa, barci ba ya dawowa. Abinci ya fita raina, kuma ina ganin kamar rayuwata ba za ta sake gyaruwa ba. Maigida ya ce in yi tawakkali, mai kemis ya ba ni ƙwayar barci. Baƙin cikin rashi ne zai wuce, ko ciwo ne in je asibiti?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah Ya jiƙan Mama, Ya sa ta huta, Ya ba ku haƙurin rashi.

Ki je asibiti, kuma cikin wannan makon. Ba zan iya yanke miki hukunci ban gan ki ba, amma abin da kika zayyana ya fi kama da ciwon damuwa fiye da alhinin rashi kaɗai. Bari in faɗa miki abin da muke dubawa, don ki auna da kanki.

Kuskuren da ya fi yawa a wajen mutanenmu shi ne a ce tunda akwai dalili, to ba ciwo ba ne. An yi rasuwa, ko jari ya karye, ko aure ya mutu, sai a ce ai dole mutum ya shiga wannan hali. Amma yawancin masu ciwon damuwa da muke gani suna da dalili, musamman a karon farko. Dalilin shi ne ya tayar da ciwon, kuma da zarar ya tashi sai ya ci gaba da kansa. Don haka likita ba ya tsayawa a kan ko kina da hujjar yin baƙin ciki. Abin da yake son sani shi ne yadda baƙin cikin yake tafiya a yininki, da abin da ya taɓa a jikinki da aikinki da yadda kike kallon kanki.

Alhinin rashi yana zuwa yana tafiya. Kina cikin hidimarki sai ki ci karo da mayafinta, ko ki ɗauko waya za ki kira ta ki tuna babu ita, hawaye ya zubo, ki yi mata addu'a, bayan wani lokaci ki tashi ki ɗora tukunya. A tsakanin wannan da wancan kina iya dariya idan autarki ta yi wauta, kina jin daɗin tuwo idan miyar ta yi. Tunaninki yana kan wadda ta tafi: kewarta, maganganunta, jinyar da aka yi. Kuma idan aka kwatanta wata na biyu da na biyar, nauyin yana raguwa, ko da a hankali ne. Ciwon damuwa ba ya ba da wannan sararin. Yana zama kusan duk yini, kusan kowace rana, kuma abin farin ciki ba ya motsa shi. A yi suna a gidanku, a biya albashi, ɗanki ya zo na ɗaya a aji, ki san a kanki cewa abin murna ne amma zuciyar ba ta amsa ba. Wannan rashin jin daɗin komai shi ne alamar da na fi ba nauyi, har fiye da kuka, domin da yawa daga masu ciwon ma ba sa iya kukan. Sannan tunanin yana sauka daga kan mamaciya ya koma kanki: ban iya komai ba, ni ce na yi sakaci har ta rasu, nauyi kawai nake ga mijina, 'ya'yana sun fi dacewa da wata uwar. Mai alhini tana ganin an yi mata rashi. Mai ciwon damuwa tana ganin ita kanta ce ba ta da amfani.

Yadda naki ya zo ma yana da ma'ana. Alhini yawanci ya fi zafi a farko sannan ya riƙa sauƙi. Wanda ya daure watanni sannan ya fara nutsewa, yana ƙara nutsewa mako bayan mako, muna zargin wani abu ne ya hau kan alhinin. Su biyun suna iya haɗuwa a mutum ɗaya, kuma maganin ɗaya ba ya goge ɗayan. Idan kin warke za ki ci gaba da kewar Mama, sai dai za ki iya ɗaukar kewar.

A ƙa'idar likitoci, ana maganar ciwon damuwa idan aka kai aƙalla mako biyu a jere, kuma aka sami alamomi biyar ko fiye daga cikin tara, ɗaya daga cikinsu dole ta zama ƙuncin zuciya ko rashin jin daɗin abin da aka saba jin daɗinsa. Sauran su ne rikicewar barci, canjin cin abinci ko rama, kasala, ganin kai ba a bakin komai ba ko zargin kai fiye da kima, kasa tattara hankali, sanyin jiki ko kasa zama wuri ɗaya har wasu su lura, da yawan tunanin mutuwa. Sharaɗi na ƙarshe shi ne abin ya taɓa rayuwa: aiki, gida, zumunci, ibada. Mako biyun nan ba wa'adin jira ba ne da dole a cika kafin a zo. An sa shi ne don kada a kira ɓacin ran kwana uku ciwo, kuma ke kin wuce shi nesa.

Barcin naki nake so in ɗan daɗe a kai. Rashin barci iri-iri ne. Akwai wanda zai kwanta yana juyi, tunanin bashi ko kuɗin makaranta ya hana shi runtsawa har tsakar dare. Wannan ya fi tafiya da fargaba da yawan tunani. Akwai kuma wanda barci zai ɗauke shi lafiya, sai ya farka awa biyu ko fiye kafin lokacin da ya saba, tun kafin kiran sallar farko, ya kasa komawa, kuma a wannan lokacin ne zuciya ta fi baƙi. Irin wannan mutum zai ce miki safiya ce ta fi masa wuya, zuwa La'asar ko Magariba sai ya ɗan ji dama-dama. Wannan tsari na biyu, idan ya haɗu da fitar abinci daga rai da rama, yana nuna ciwon ya kama jiki sosai, kuma shi ne irin da ya fi bukatar magani ba nasiha kaɗai ba. Ki lura da kanki kwana biyu: yaushe ne ya fi tsanani, kafin ki tafi makaranta ko bayan kin dawo? Likita zai so jin amsar.

Ƙwayar kemis kuwa, ki ɗauki kwalin ko sauran ƙwayoyin ki tafi da su asibiti. Abin da aka fi bayarwa shi ne diyazefam ko danginsa. Yana sa barci a kwanakin farko, amma ba ya taɓa ciwon da ya hana barcin, kuma cikin 'yan makonni jiki yana sabawa har guda ɗaya ta daina isa. Idan kin kai makonni kina sha kullum, kada ki yanke shi dare ɗaya, domin yankewa farat ɗaya na iya kawo rawar jiki da fargaba, wani lokaci har da jijjiga. Likita ne zai tsara yadda za a rage shi.

Yanzu maganar da ta fi kowace nauyi. Jin cewa rayuwa ba za ta gyaru ba alama ce ta ciwon, yadda zazzaɓi yake alamar maleriya, kuma yana sauka idan ciwon ya sauka. Haɗarinsa shi ne ba ya zuwa da kamar alama, yana zuwa ne kamar gaskiyar da kika gano. Shi ne kuma yake hana mutane zuwa asibiti: me zai yi mini, kuɗin mota kawai zan ɓata. Saboda haka kada ki jira sai kin yarda magani zai yi aiki kafin ki tafi. Zan tambaye ki abin da nake tambayar duk wanda ya zauna gabana, ba tare da kunya ba: kina jin gara a ce kin mutu? Kin taɓa tunanin cutar da kanki? Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, kuma musulmi na ƙwarai ma wannan tunani yana zo masa idan ciwon ya yi ƙarfi, sai tsoron a ce imaninsa ya yi rauni ya sa ya ɓoye. Idan abin ya tsaya a "da ma in bi Mama in huta", ki faɗa wa likita da bakinki a ziyarar farko. Idan ya kai ga kina tunanin hanya ko lokaci, ko kina jin murya tana umartarki, ko kin daina ci da sha, to ba maganar mako ba ce. Yau ɗin nan ki faɗa wa maigida ko wata 'yar uwa, a kwashe magunguna da maganin ƙwari da duk abin haɗari daga inda hannunki zai kai, kada a bar ki ke kaɗai, a kai ki sashen gaggawa ko da dare ne.

Game da tawakkali, maigida bai faɗi abin da ba daidai ba, sai dai bai cika ba. Annabi Yakubu, alaihis salam, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma babu mai cewa imaninsa ne ya gaza. Hadisi ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. Ki ci gaba da addu'a da karatunki, rukiyya ma ba ta karo da asibiti. Abin da nake ƙi shi ne a shafe wata shida ana neman wanda ya yi jifa, mace tana ramewa. Wani abin kuma da mata ke faɗa mini cikin kuka: sallah ta yi musu nauyi, ba sa jin komai a cikinta, suna ganin Allah Ya yi fushi da su. Ciwon da ya ɗauke ɗanɗanon abinci shi ne ya ɗauke wannan ma, kuma yana dawowa tare da sauran.

A nan Zariya ba sai kin yi nisa ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Kina iya yankar kati ki fara da likitocin da ke ganin kowa da kowa, su duba ki, idan da bukata su tura ki sashen. Haka ma kina iya farawa da Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ko wani asibitin da kuka saba, ki nemi takardar turawa. Akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna. Na san abin da ke tsorata mutane: a gan ki a layin sashen a ce ta haukace. Mafi yawan masu zama a wannan layi malamai ne da 'yan kasuwa da ɗalibai da matan aure, su ga likita su karɓi magani su koma gida a ranar. Kwantarwa ta waɗanda ke cikin haɗari ce. Kuma abin da kika faɗa wa likita sirri ne, ba a kai shi makarantarku.

Idan kin shiga, ki fara da abin da kika rubuto mini, kalma da kalma. Ina jaddada wannan ne saboda mutanenmu sun fi kawo ƙarar jiki: kaina na zafi, ƙirjina ya yi nauyi, jikina ya mutu, wani abu na yawo a bayana. Likitan da ke da dogon layi sai ya rubuta gwajin maleriya da taifot, a sha magani a dawo jiya i yau. Ki ce masa kai tsaye: mako bakwai ba na jin daɗin komai, ina farkawa ƙarfe uku, na fid da rai. Zai duba hawan jini, ya sa a gwada yawan jini da sukari, wataƙila da sinadarin maƙoshi, domin ƙarancin jini da raunin wannan sinadari suna kawo kasala da ƙunci masu kama da ciwon damuwa. Ki faɗi duk maganin da kike sha, har na gargajiya, da na ƙiba irin su dekisa, domin wasunsu suna taɓa yanayin zuciya. Ki faɗi idan kina da ciki ko kina shayarwa. Akwai kuma tambaya ɗaya da idan bai yi ba ke ki kawo ta: ko kin taɓa yin kwanaki kina jin ƙarfi fiye da kima, barci kaɗan ya ishe ki, surutu da kashe kuɗi ba kai? Mai irin wannan tarihi ciwonsa daban ne, kuma maganin damuwa shi kaɗai na iya tayar masa da wancan ɓangaren.

Bari in ba ki misali, wanda na haɗa daga irin mutanen da muke gani, don ki ga yadda tafiyar take. Tela ne a Sabon Gari, ɗan shekara arba'in, wanda gobara ta cinye masa kekuna biyu. 'Yan uwa sun haɗa masa wani keken, amma wata biyu bayan nan ɗinkin mutane ya taru, yana zuwa shago ya zauna yana kallon yadi. An ba shi takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9. Kowace tambaya ana ba ta maki daga 0 zuwa 3 gwargwadon yawan kwanakin da abin ya dame ka a mako biyun da suka wuce: 0 babu, 1 'yan kwanaki, 2 fiye da rabin kwanakin, 3 kusan kullum. Rashin jin daɗi, barci da kasala ya ba kowanne 3. Ƙunci, abinci, zargin kai da tattara hankali kowanne 2. Sanyin jiki 0, tunanin mutuwa 1. Jimla 18 daga cikin 27. Daga 10 ake fara ɗaukar abin da muhimmanci, 15 zuwa 19 ya yi ƙarfi, 20 zuwa sama mai tsanani ne. Takardar ba ita ke yanke hukunci ba, hira da likita ce, amma tana ba mu ma'aunin da za mu koma gare shi. Makin nan 1 na ƙarshe shi aka fi daɗewa a kansa a hirar, duk da ƙanƙantarsa.

An ɗora shi a kan maganin ciwon damuwa mai suna fulokzetin, har ya kai miligiram 20 kowace safiya. Makon farko ya ji tashin zuciya da ciwon kai, barcin ma bai gyaru ba, ya ce wa matarsa maganin banza ne. A nan ne mutane da yawa ke ajiye magani, domin illolinsa suna riga amfaninsa zuwa. Illolin sukan lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu, amfanin kuma yakan fara bayyana tsakanin mako biyu zuwa huɗu, kuma ba a cewa magani ya gaza sai an ba shi mako huɗu zuwa shida a kan adadin da ya dace. Matarsa ce ta fara ganin canji kafin shi: ya cinye abincinsa, ya yi wa yaro faɗa a kan makaranta. Haka abin yake, ci da kuzari sukan riga zuciya dawowa, shi ya sa muke son a sa ido sosai a makonnin farko ga wanda ke da tunanin mutuwa, kuma a dawo asibiti da wuri idan tunanin ya ƙaru. A mako na shida makinsa ya sauko 8. Raguwa da rabi na nufin maganin ya kama, amma abin da ake nema shi ne ƙasa da 5.

Bayan wata uku ya ji garau ya daina sha, domin a ganinsa mai lafiya ba ya shan magani. Kafin wata biyu farkawar dare ta dawo, aka koma farko. Ƙa'ida ita ce a ci gaba aƙalla wata shida bayan an warke, da yawa daga cikinmu ma mun fi son wata tara zuwa shekara, sannan a rage a hankali tare da likita. Magungunan nan ba sa bugarwa kuma ba sa sa mutum ya riƙa neman ƙari kamar taramol ko kodin, amma jiki ba ya son a yanke su kwatsam. Akwai wani tsohon magani mai araha, amitiriftilin, da ake sha da dare kuma yana taimakon barci, sai dai yana busar da baki, yana sa jiri da taurin bayan gida, bai dace da mai ciwon zuciya ba, kuma idan akwai tunanin cutar da kai ba ma son a tara shi a gida. Zaɓi tsakaninsu aikin likitan da ya gan ki ne. Don Allah kada ki ɗauki sunayen nan ki kai wa mai kemis.

Magani rabin aikin ne. Ɗaya rabin shi ne zama da masanin halayyar ɗan Adam ko nas da aka horar, kuma ga ciwon da bai yi ƙarfi ba wannan kaɗai na iya isa. Abin da aka yi da telan mai sauƙi ne: an daina jiran sai ya ji sha'awar aiki, aka sa masa riga ɗaya a rana, ko yana so ko ba ya so, domin a wannan ciwo motsi ne ke jawo sha'awa. Ke ma kina iya fara irinsa kafin ranar asibiti. Ki tsayar da lokacin tashi ɗaya, bayan Asuba kada ki koma gado, ki fita ki sami hasken safe. Barcin rana kada ya wuce rabin awa, kuma ki bar shayi mai ƙarfi da kofi da goro daga Azahar. Idan kin farka cikin dare kada ki kwanta kina lissafin awoyi, ki tashi ki zauna da casbi ko karatu mara nauyi, ba waya ba, sai barci ya zo ki koma. Ki zaɓi gida ɗaya na 'yar uwa da za ki leƙa a mako. Kuma ki dakatar da manyan shawarwari, irin ajiye aiki ko neman takarda, har sai kin dawo daidai.

Ranar zuwa, ki nemi maigida ya raka ki, ko yayarki idan shi ba zai samu ba. Wanda ke gida yana ganin abin da ke ba kya gani, kuma miji da ya ji bayani daga bakin likita yakan zama shi ne mai tuna miki magani. Idan akwai abin da ba kya son faɗa a gabansa, ki ce kina son minti biyar ke da likita kaɗai, ana yi kullum. Ki fita da wuri saboda layin kati, ki riƙe takarda da kika rubuta ranar da abin ya fara, lokacin da kike farkawa da sunan ƙwayar da kike sha, kuma kada ki baro asibitin sai an ba ki ranar dawowa, wadda a farko bai kamata ta wuce mako biyu ba.